Yadda Ake Bambance Dokumentari da Fim ɗin Kwaikwayo, da Wanda Ya Kamata a Fara Kallo

Sau da yawa akan turo wa mutum guntun bidiyo a waya, wanda bai wuce minti uku ba, a rubuta a ƙarƙashinsa cewa ga yadda wani yaƙi ya kasance ko ga yadda wani sarki ya rasu, alhali an yanko shi ne daga fim ɗin da 'yan wasa suka yi. Haka kuma masu kallon fina-finan tarihi na Turkiyya da na ƙasashen Larabawa da ake fassarawa da Hausa sukan kafa hujja da abin da jarumi ya faɗa, kamar dai daga bakin mutumin tarihin ya fito. Kuskuren ba na rashin hankali ba ne, domin masu shirya fim sun ƙware wajen sa kwaikwayo ya yi kama da gaske, kuma mai fassara ko mai turawa yakan yanke farkon fim ɗin da ƙarshensa, inda bayanin yake.

Dokumentari, wato shirin gaskiya, fim ne da ya ɗauki alkawari ga mai kallo cewa mutanen da ke cikinsa su ne da kansu, wuraren kuma su ne, muryar da ake ji tasu ce. Fim ɗin kwaikwayo na abin da ya faru kuwa yakan ɗauko labarin gaske, a rubuta masa maganganu, a ɗauko 'yan wasa su hau matsayin mutanen. Dukkan matakan da ke tafe tambaya ɗaya suke bi: a ina kyamara take sa'ad da abin yake faruwa, kuma wa ya riƙe ta?

Mataki na farko: karanta abin da aka rubuta kafin hoto ya fara motsi

Idan fim ya buɗe da rubutun "Based on a true story", ma'anarsa an gina shi a kan labarin gaske, kuma wannan jimla alama ce ta kwaikwayo, ko da yake da yawa sukan fahimce ta a baibai. Mai shirin gaskiya ba ya bukatar cewa ya gina fim ɗinsa a kan gaskiya, tunda abin da kansa yake nunawa. Idan kuma aka rubuta "Inspired by true events", to an ƙara nisa da asalin labarin, domin ana nufin abin da ya faru ne kawai ya zaburar da marubucin, sauran kuma ya cika da tunaninsa. A YouTube da Netflix da makamantansu akan sa kalmar "Documentary" ko "Drama" a wajen bayanin fim, sai dai a YouTube wanda ya ɗora bidiyon ne yake rubuta abin da ya ga dama, don haka rubutun nan shaida ce mai rauni idan tashar ba sananniya ba ce.

Mataki na biyu: tsallaka zuwa ƙarshe ka duba jerin sunaye

Wannan shi ne gwajin da ya fi sauƙi kuma ya fi ƙarfi, kuma ba ya cin fiye da minti ɗaya. A ƙarshen fim ɗin kwaikwayo akwai jeri mai taken "Cast", inda sunaye suke tafiya bibbiyu, sunan mutumin labari a gefe ɗaya, sunan ɗan wasan da ya fito a matsayinsa a ɗaya gefen. Za ka kuma ga "Screenplay", wato wanda ya rubuta maganganun, da masu kula da sutura da kwalliya. A dokumentari kuwa abin da ya fi yawa shi ne jerin waɗanda aka yi hira da su, da godiya ga gidajen da suka ba da tsofaffin hotuna a ƙarƙashin kalmar "Archive", da sunayen masu bincike. A shafin IMDb, inda ake jera bayanan fina-finai, akan rubuta "Self" a gaban sunan wanda ya fito a matsayin kansa, kuma idan kusan kowa a jerin yana da wannan kalma, to shirin gaskiya ne.

Mataki na uku: tambayi shekarar da abin ya faru

Hoton da ba ya motsi ya fara yaɗuwa ne daga 1839, hoto mai motsi kuma sai a 1895 aka fara nuna shi ga jama'a a birnin Paris, sannan fim mai magana bai kankama ba sai daga 1927. Wannan kaɗai ya isa ya warware rikici mai yawa. Shehu Usman Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, saboda haka duk wani hoto mai motsi da aka ce na jihadinsa ne kwaikwayo ne, haka ma duk abin da ya shafi Sarauniya Amina ta Zazzau. Ana iya yin dokumentari na gaske a kan waɗannan mutane, amma kayan aikinsa za su zama rubuce-rubucen ajami da na Larabci, ganuwa, hubbare, taswira, da bakin malaman tarihi da masu riƙe da labarin gargajiya. Da zarar an ga dawaki na sukuwa da mayaƙa riƙe da masu, an shiga ɓangaren kwaikwayo.

Akasin haka, hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, da bikin samun 'yancin Najeriya na 1 ga Oktoba 1960, da ziyarar Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa Amurka a 1961, duk an ɗauke su da kyamara a lokacinsu, kuma hotunan suna nan. Kada launi ya ruɗe ka a nan, domin akwai fim mai kala tun kafin 1960, kuma a yau kowa na iya mayar da sabon bidiyo baƙi da fari, har ya sa masa ɗige-ɗigen tsufa.

Mataki na huɗu: lura da inda kyamara ta tsaya

Nan ne aikin yake, domin guntun bidiyon da aka turo ba shi da farko ba shi da jerin sunaye, sai hoton kawai. Mai ɗaukar shirin gaskiya yana bin abin da ke faruwa ne a baya, bai san me zai biyo ba, don haka kyamararsa takan makara. Wani ya fara magana, sai a juyo da kyamara a neme shi, hoton ya ɗan dushe kafin ya daidaita, wani ya gifta ta gaba, yaro ya tsaya yana kallon mai ɗauka. A fim ɗin kwaikwayo kyamara ce take riga kowa zuwa. Idan ka ga an nuna cikin ɗaki babu kowa, sannan ƙofa ta buɗe mutum ya shigo, to mai ɗaukar ya san zai shigo, ya kuma san ta inda zai bi, wanda ke nufin an shirya shigowar.

Alama ta biyu tana cikin hirar mutum biyu. A kwaikwayo akan nuna fuskar mai magana daga bayan kafaɗar abokinsa, sannan a koma fuskar abokin daga bayan kafaɗar na farko, ana musanyawa daidai da kowace jimla, ba tare da an taɓa ganin wata kyamara a cikin hoton ba. Ana samun wannan ne ta hanyar maimaita fitowar sau da dama, ana sauya wa kyamara wuri, sannan mai tacewa ya harhaɗa. Mutanen da ke rigima ta gaske ba za su tsaya su maimaita rigimarsu don a ɗauke su ta wani gefen ba.

Alama ta uku ita ce wurin da kyamara ba ta da hanyar shiga. Mata da miji suna shawara cikin dare a ɗakinsu, hafsoshi suna ƙulla juyin mulki, mara lafiya shi kaɗai yana kuka a gadon asibiti, kuma ga haske mai kyau a fuskarsu, ga sauti tas babu hayaniya: babu mai ɗaukar hoton da aka gayyata irin waɗannan wurare a ranar da abin ya faru. Sai a haɗa da kunne. Maganar mutane ta gaske tana da in'ina da maimaici da katse juna, ana jin ƙarar janareta ko kukan akuya ko babur a baya, alhali maganar da aka rubuta takan fito a jere, kowa ya jira ɗan'uwansa ya dire kafin ya ɗauka.

Alamun nan suna da iyaka. Akwai daraktocin da ke girgiza kyamara da gangan, su bar hoto ya dushe, su sa ɗan wasa ya kalli kyamara yana ba da shaida, don kwaikwayon ya yi kama da rahoto. Akwai kuma shirin gaskiya mai kuɗi da ake ɗaukar hirarsa da kyamara biyu ko uku da fitilu, ya fito sumul. Shi ya sa alama ɗaya ba ta yanke hukunci, sai an tara biyu ko uku sun yi daidai.

Gwaji a kan fim guda

A ɗauki fim ɗin 93 Days na 2016, wanda Steve Gukas ya ba da umarni, a kan ɓullar cutar Ebola a Legas. Ginshiƙin labarin gaskiya ne. Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ranar 20 ga Yuli 2014 yana fama da ciwo, aka kai shi wani asibitin kuɗi, Dakta Ameyo Adadevoh ta hana shi fita duk da matsin da aka yi mata, ya rasu bayan kwana biyar, ita ma ta kamu ta rasu ranar 19 ga Agusta, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Najeriya a matsayin wadda ta rabu da cutar ranar 20 ga Oktoba. Daga ranar farko zuwa ta ƙarshe ne aka sami kwanakin da ke cikin sunan fim ɗin.

Wanda aka turo wa guntun wurin da likitar take fuskantar mara lafiyar zai iya ɗauka bidiyon asibitin ne, amma matakan nan za su warware masa. Jerin sunaye ya nuna Bimbo Akintola ce ta fito a matsayin Dakta Adadevoh, kuma akwai ɗan wasan Amurka Danny Glover a ciki. Shekara ma ta ba da amsa, domin matar da ta rasu a 2014 ba za ta tsaya gaban kyamarar fim ɗin da ya fito a 2016 ba. Matsayin kyamara kuma ya kammala hujja, tunda a daren da aka kawo mara lafiyar babu wanda ya san Ebola ce, balle a kira masu ɗaukar hoto su jera fitilu a ɗakin.

Abin da mai kallo zai riƙe daga irin wannan fim shi ne jerin manyan abubuwan da suka faru, bayan ya gwada su da rahotannin lokacin. Abin da ba zai kafa hujja da shi ba shi ne kalmomin da aka sa a bakin mutane, da wanda ya yi kuka da wanda ya yi tsawa, domin marubucin fim yakan haɗe mutum biyu ko uku su zama ɗaya, ya matse abin da ya ɗauki mako ya koma dare guda. A ganina wannan ba aibi ba ne ga fim ɗin, tunda bai ce shi dokumentari ba ne. Aibin yana kan wanda ya yanke shi ya tura da sunan bidiyon gaske.

Mataki na biyar: gane masu ruwa biyu

Yawancin shirye-shiryen tarihi da na binciken laifuka suna gauraya abu biyun. Za a nuna malami ko shaida yana zaune yana bayani, sunansa da matsayinsa a rubuce a ƙasan allo, sai a yanka zuwa wasu mutane da ke kwaikwayon abin da yake faɗa. Gidajen talabijin masu kiyaye ƙa'ida sukan rubuta "Reconstruction" ko "Dramatisation" a kusurwa, kuma sau da yawa ba a nuna fuskar 'yan wasan sosai, sai ƙafafu ko hannaye ko inuwa, ba sa kuma magana. Irin wannan shiri yana nan a matsayin dokumentari matuƙar nauyin hujja yana kan shaidu da takardu, kwaikwayon kuwa cike gurbi ne kawai. Idan 'yan wasan suka fara doguwar hira da juna, shaidun suka koma leƙowa jefi-jefi, to ma'auni ya rinjaya zuwa dirama.

Gaurayen ba sabon abu ba ne. Dattawan da suka ga majigi a ƙofar fada ko filin kasuwa za su tuna cewa a dare ɗaya akan nuna labaran rangadin shugabanni, sannan a biyo da ɗan wasan da ke koyar da tsafta ko noman auduga, duk a kan farin ƙyalle ɗaya. Ko fim ɗin da ake yawan kira kakan dokumentari, Nanook of the North na 1922, wanda Robert Flaherty ya ɗauka a arewacin Kanada, an shirya abubuwa da dama a cikinsa. Mutumin da aka kira Nanook a fim ɗin sunansa na gaske Allakariallak ne, an sa shi farauta da mashi alhali mutanensa sun riga sun saba da bindiga, kuma an gina ɗakin ƙanƙara mai ɓari a buɗe domin haske ya ishi kyamara. A shirye-shiryen namun daji ma akan ɗauki wasu wurare a gidan zu ko a ɗakin gwaji, musamman abin da ke faruwa cikin rami, kuma yawancin ƙarar taku da tauna da ake ji an ƙara su ne daga baya, domin kyamarar tana nesa ƙwarai da dabbar.

Daga nan ake gane cewa tabbatar da fim dokumentari ne bai tabbatar da duk abin da ya faɗa ba. Mutanen na gaske ne, amma wani ne ya zaɓi wanda za a yi hira da shi, ya yanke hirar awa biyu ta koma minti biyu, ya sa kiɗa mai ban tsoro a ƙarƙashin fuskar wanda ba ya so. Don haka sai a duba wanda ya biya kuɗin shirin, a kuma lura ko an ba wanda ake zargi damar kare kansa. Shirin da gwamnati ta yi a kan ayyukanta, ko kamfani a kan kayansa, talla ce ko da babu ɗan wasa ko ɗaya a ciki.

Zaɓen na farko

Kuskuren da aka fi yi wa sabon mai kallo shi ne a miƙa masa shiri mai kashi goma a kan yaƙin duniya don an ce shi ne mafi shahara, ya kalli rabin kashi na farko ya gaji, ya yanke cewa dokumentari abin sa barci ne. Abin da ya fi dacewa shi ne a fara da tambayar da mutumin yake da ita tun asali. Mai sha'awar ƙwallo ya fara da tarihin wata gasa da ya kalla da idonsa, manomi ya fara da shiri a kan Tafkin Cadi ko hamada, mai bin siyasa ya fara da shekarun Jamhuriya ta Farko. Amfanin fara wa da abin da ka ɗan sani shi ne kana da ma'aunin da za ka gwada shirin da shi, za ka gane inda ya faɗi daidai da inda ya tsallake.

Sharaɗi na biyu shi ne tsawo da siffa. Na farko ya kasance guda ɗaya mai cin gashin kansa, tsakanin minti ashirin zuwa awa ɗaya, kuma ya kasance mai mai ba da labari ko ɗan jarida da ke jan mai kallo daga wuri zuwa wuri. Akwai nau'in da ba a magana a cikinsa sam, kyamara kawai ke bin mutane cikin harkokinsu, kuma masana suna girmama shi, amma yana bukatar haƙurin da sai an saba ake samu. Haka kuma ya fi kyau na farkon ya zama mai ƙarancin kwaikwayo, domin ido ya fara sanin kamannin hoton gaske kafin ya shiga masu gauraye.

Na uku shi ne harshe da tushe. Idan Turanci ko Faransanci na ba da wahala, a nemi wanda aka yi da Hausa a sassan Hausa na manyan kafafen labarai, ko a kunna rubutun ƙasan allo ta alamar CC a YouTube. A kalla daga tashar gidan da ya shirya shi, domin a can ne ake samun farko da ƙarshe cikakku, kuma mai tattalin data zai iya rage ingancin hoton zuwa 360p ba tare da ya rasa komai na bayanin ba.

Ga wanda ya ce a ba shi suna guda, ni nakan ambaci Sweet Sweet Codeine, binciken da sashen BBC Africa Eye ya fitar a ƙarshen Afrilun 2018 a kan shan maganin tari mai kodin a Najeriya, wanda 'yar jarida Ruona Meyer ta jagoranta. Bai kai awa ɗaya ba, batunsa sananne ne ga duk wanda ya zauna a garuruwan Arewa, an ɗauki wani sashensa a Kano, kuma washegarin fitowarsa gwamnatin tarayya ta sanar da hana sarrafawa da shigo da irin wannan magani. Yana kuma koyar da ido, domin a cikinsa akwai hoton ɓoyayyiyar kyamara, wanda ke fitowa a karkace, daga ƙasa, kan mutum a yanke, sauti a cushe, a gefe guda kuma ga hirar da aka zauna aka ɗauka a tsanake. Sai dai akwai hotunan matasa ɗaure da mari a wata cibiyar gyaran hali, don haka ba na kallo da ƙananan yara ba ne, kuma mai raunin zuciya gara ya fara da shirin namun daji ko na sana'o'in gargajiya.

Kowanne aka zaɓa, a ba shi minti goma na farko a matsayin gwaji. A cikin wannan lokaci ya kamata mai kallo ya iya faɗin tambayar da shirin yake son amsawa, ya ga aƙalla mutum ɗaya da aka rubuta sunansa da dalilin da ya sa ake jin ta bakinsa, ya kuma san ko hotunan da ake nunawa na lokacin ne ko na cike gurbi. Idan minti goma suka wuce babu ko ɗaya daga ciki, sai murya mai amo da kiɗa da hotunan da ba a faɗi inda aka samo su ba, a rufe shi a nemi wani. Idan kuwa ya ci gwajin, bayan an gama sai a ɗauki abu ɗaya da ya faɗa, kwanan wata ko adadi ko sunan wuri, a neme shi a rahoton wata jarida da ba ta da alaƙa da masu shirin, a ga ko sun zo ɗaya.